Koci ba ya karanta rahoton da nake kwana ina haɗawa

Assalamu alaikum. Ni malamar lissafi ce a wata makarantar sakandare. Kocin ƙungiyar ƙwallon raga ta 'yan matanmu, dattijo ne da ya girme ni nesa ba kusa ba, ya roƙe ni in riƙa rubuta masa bayanin yadda yaran suka yi wasa duk mako. Nakan kwana ina haɗa shafi biyar da zane-zane kala-kala, amma sai ya ninke ya soka a aljihu, ban taɓa ganin ya canza komai a tirenin ba. Makon jiya kuma yaran suka ga shafin da na jera su daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe, ta ƙarshen ta yi kuka, kwana biyu ba ta zo fili ba. Na haɗo miki da takardun makon. In daina ne, ko me zan gyara?

Malama mai lissafi

Wa alaikis salam, Malama.

Kada ki daina. Na zauna da takardunki dare guda, kuma lissafinki babu inda ya karkace. Abin da ya ɓace shi ne tambayar da kocin yake ɗauke da ita idan ya shigo fili a tirenin na farko na mako: yau me zan sa yaran nan su yi? Sa'a ɗaya ko ɗaya da rabi gare shi, yara goma sha biyu suna jiransa, wata tana neman takalmi, wata ta makara. Takardar da ba ta amsa masa wannan tambayar a layin farko ba, aljihu ne makomarta, ko da wa ya rubuta ta.

Abin da ya ba ni mamaki, amsar tana cikin takardunki. Tana shafi na huɗu, a wani ɗan jadawali da kika cusa a ƙasan zanen da'ira. Kin rubuta sabis nawa abokan karawa suka yi muku a kowane juyi, da guda nawa kuka ci maki a kai. Wannan jadawalin kaɗai ya fi sauran shafukan huɗu daraja. Bari mu warware shi tare.

Kin san 'yan wasa shida suna juyawa duk lokacin da suka ƙwace sabis, wato suka ci maki a kan sabis ɗin abokan karawa, don haka tsayuwa shida ce ake zagayawa. Kocinku seta ɗaya yake amfani da ita, wato mai ɗaga wa masu duka ƙwallo, saboda haka mafi sauƙi a kira kowane juyi da lambar gurbin da setar take tsaye: ta fara a 1, ta koma 6, sai 5, 4, 3, 2. A wasanni biyun makon, wanda kuka ci 3 da nema da wanda aka ci ku 3 da nema, an yi muku sabis 132, kun ci maki a 65. Wato kashi 49 cikin 100, kusan rabi. Wannan adadin shi kaɗai ba ya cewa komai. Amma da aka raba shi gida shida sai bakinsa ya buɗe. A juyi na 1 an yi muku sabis 22 kun ƙwace 12. A na 6, 11 cikin 19. A na 5, 11 cikin 21. A na 3, 10 cikin 18. A na 2, 10 cikin 19. Duk waɗannan biyar suna tsakanin kashi 52 da 58, tafiyarsu ɗaya. A juyi na 4 kuwa sabis 33 aka yi muku, kuka ƙwace 11. Ɗaya cikin uku.

Ki lura da wani abu da masu sabon hannu sukan tsallake. Yawan ƙwacewar kusan ɗaya ne a ko'ina, goma, sha ɗaya, sha biyu, domin ba a barin juyi sai an ƙwace sabis. Abin da ke tona asirin juyi mai ciwo shi ne daɗewar da ake yi a cikinsa. Yaranku sun zubar da maki 22 a juyi na 4, alhali sauran juyin tsakanin 8 ne da 10. Da ya yi daidai da 'yan'uwansa, maki tara ko goma za a rasa, wato an yi asarar kusan 13 a banza cikin set shida. Maki biyu kenan a kowane set, a wasan da ake cin set a maki 25 da tazarar biyu kacal. Wannan jimlar ita ce ya kamata ta zauna a saman takardarki da manyan haruffa, don ita ce koci zai karanta yana tsaye ya ce, to, ina jin ki.

Kafin ki kai masa, sai kin yi wa adadin tambaya ɗaya: juyinmu ne ke da ciwo, ko kuwa wata yarinya ce a ɗaya ɓangaren mai zafin sabis ta yi mana ruwan maki takwas a jere? Yana faruwa sosai, domin a cikin set guda mai sabis ɗaya ce take cin karo da juyi ɗaya duk lokacin da aka zagayo. Hanyar ganewa ita ce a raba wasannin. Na raba naki: a wasan da kuka ci, 6 cikin 14, a wanda aka ci ku, 5 cikin 19. A duka biyun juyi na 4 ne a ƙasa. Makarantu biyu daban, masu sabis daban, rami ɗaya. Ashe ciwon a gida yake. Da a wasa ɗaya kawai ya bayyana, da sai in ce ki rubuta shi a gefe ki jira mako mai zuwa.

Sai dalili. Nan ne makin da kike ba kowace tarbar sabis zai yi aiki, kuma na ga ma'aunin da aka saba kike bi, daga 0 zuwa 3: uku idan ƙwallo ta je wa seta daram har tana iya ba duk wadda ta ga dama, biyu idan ta ɗan matsa amma tana da zaɓi, ɗaya idan ƙwallon ta yi nisa sai dai a ɗaga ta sama a yi maneji, sifili idan sabis ɗin ya ci maki kai tsaye. Cikin sabis 33 na juyi na 4, uku masu yin su ne suka zubar da kansu. Saura 30. Goma sha bakwai daga ciki kan yarinya ɗaya suka sauka, mai lamba 9, wadda take gurbi na 1, baya ta dama. Ta samu uku sau biyu, biyu sau biyar, ɗaya sau biyar, sifili sau biyar. Jimla 21, a raba da 17, ya ba da 1.24. Libero ɗinku kuwa, wato mai riga daban da aikinta tarba da tsaron baya ne, tana kan 2.1 a makon, amma a wannan juyin ƙwallo shida kacal ta taɓa. Abokan karawa sun gano inda ƙasa ta yi laushi tun kafin ku gano.

Na duba shafin jerin sunayen nan, kuma mai lamba 9 ce a ƙarshe. Ita ce ta yi kukan, ko ba haka ba? To ki dubi abin da aka yi mata. Yarinyar nan kishiyar seta ce a tsayuwa, aikinta duka ne daga dama, ba tarbar sabis ba. A tsarin seta ɗaya ƙungiyoyi da yawa ɓoye mai wannan gurbin suke yi a lokacin tarba, su bar wa libero da masu duka biyu na hagu. An tsayar da ita a inda ba nata ba, an yi mata ruwan sabis, sannan aka auna ta da libero a sikeli ɗaya aka ce ita ce kurar baya. Wannan jerin ki kashe shi gaba ɗaya, kada ki gyara shi. Seta da libero da mai tare raga ba aiki ɗaya suke yi ba, babu lissafin da zai jera su a layi ɗaya ya yi adalci. Lambobin ɗaiɗaikun yara kuma su zauna a wata takarda daban da koci kaɗai zai gani, da lambar riga maimakon suna, kuma a ba shi hannu da hannu.

Yanzu fasalin takardar. Shafi ɗaya, fuska ɗaya. A sama jimla guda mai faɗin abin da aka gano. Ƙarƙashinta zane biyu. A ƙasa shawara biyu, in ta yi yawa uku. Shi kenan.

Zane na farko na sanduna ne, guda shida, kowane juyi da tasa, a jere yadda ake buga su, 1, 6, 5, 4, 3, 2, domin haka koci yake ganinsu a kansa. Biyar su zama ruwan toka, ta juyi na 4 kaɗai ta zama baƙa ƙirin, ta yadda ko injin buga takarda marar kala ne ido zai faɗa kanta. Ma'aunin gefe ya fara daga sifili. A ƙarƙashin kowace sanda ki rubuta ainihin ƙirgen, "11 cikin 33", domin mutumin fili ya fi gaskata ƙirge a kan kaso. Kan zanen kuma kada ya zama suna irin "Kason ƙwace sabis". Ki sa magana: "A juyi na 4 muke maƙalewa". Wanda ya karanta kan ya riga ya karanta zanen.

Na biyu layi ne guda, matsakaicin tarbar sabis na ƙungiya baki ɗaya, mako bayan mako. A nan akwai tarko. Excel da Google Sheets sukan zaɓi farko da ƙarshen ma'aunin gefe da kansu, sai ki ga tashi daga 1.8 zuwa 1.9 ya zama kamar hawan dutse, saukowa kuma kamar an faɗa rijiya. Haka ya faru a shafinki na biyu. Ki kafe ma'aunin da hannunki daga 0 zuwa 3, kada ya motsa har ƙarshen zango. Kuma kada ki ja layi sai kin tara mako huɗu. Ɗigo biyu ba su nuna hanya. A gefen kowane ɗigo ki rubuta wa aka kara da shi, don tarba takan faɗi ranar da aka haɗu da masu zafin sabis ba tare da yaran sun lalace ba.

Zanen da'irar nan mai yanka goma sha biyu kuwa, ki yafe shi. Ni kaina na kasa bambanta yankan kashi 9 da na kashi 11, ga shi ina zaune da tabarau a ƙarƙashin fitila.

Idan a kwamfuta kike aiki, layi ɗaya ga kowane sabis da aka yi muku ya isa, da ginshiƙi huɗu: A juyi, B a sa 1 in kun ci makin ko 0 in an ci ku, C lambar rigar wadda ta tarba, D makin tarbar. Kason juyi na 4 da matsakaicin mai lamba 9 a wannan juyin za su fito da waɗannan:

```
=COUNTIFS(A:A,4,B:B,1)/COUNTIF(A:A,4)
=AVERAGEIFS(D:D,A:A,4,C:C,9)
```

Ki kiyayi abu ɗaya. Idan mai sabis ta zubar da ƙwallo waje ko ta buga raga, makinku ne, a sa 1 a B, amma C da D a bar su fayau, babu wadda ta tarbi komai. Ni na taɓa faɗawa wannan ramin shekarun da nake riƙe wa wata ƙungiya takarda: duk sabis da ya fita waje sai in rubuta 3 ga wadda ta kauce masa, wai ladan ido. Zango guda ina kai rahoton tarba ta gyaru, ashe abokan karawarmu ne suke ta kyauta. Kocin ne ya kama ni, ya ce shi idonsa bai ga wannan gyaruwar ba. Shi ke da gaskiya.

Akwai kuma gwajin da zai nuna miki ko kin tsallake wani sabis a rubutu: makin da aka ci ku kuna tarba, a haɗa da wanda aka ci ku kuna sabis, dole ya yi daidai da makin abokan karawa a takardar alƙalin wasa. In bai yi ba, akwai layin da ya ɓace. Ita kuma tarba, tsakanin 2 da 3 hukuncin ido ne, don haka mutum ɗaya ya riƙa bayarwa duk zangon. In kina da bidiyon waya da aka ɗauka daga bayan layin ƙarshe, ki sake ba wa set ɗaya maki bayan kwana biyu ba tare da kin leƙa na farko ba. In sun saɓa da yawa, ma'aunin hannunki ne ke rawa, sai ki zauna da koci ku kalli tarba goma ku daidaita me ake kira uku.

Za ki ce ina lissafin duka, wanda kika ba shafi guda? Ki ci gaba da tara shi, amma kada ya shiga takardar mako. Ana samun sa ne da cire kurakurai daga dukan da suka ci maki, a raba da yawan dukan duka. Mai lamba 4 ta yi duka 12, biyar sun ci, uku sun lalace, ya ba da 0.167. Da ƙwallo ɗaya da ta fita da tafin hannu ta faɗa ciki, da shida ne da biyu, 0.333, ninki biyu. Adadin da ƙwallo ɗaya take ninka shi ba a gina hukunci a kansa. Ki tara na mako huɗu ki kawo sau ɗaya a wata. Kuma a matakin makaranta, duka yakan bi tarba ne. In ƙwallo ba ta isa hannun seta ba, mai duka ba ta da abin dukawa.

Sai shawarwarin, inda na ga kin fi rauni. Kin rubuta "a ƙara ƙoƙari wajen tarbar sabis" da "a rage kurakurai". Malama, wannan ko mai gadin fili zai iya faɗa. Shawara tana bukatar wa, da me, da minti nawa, da yadda za a gane ta yi aiki. Da ni ce, ga abin da zan sa a ƙasan takardar wannan makon:

Na ɗaya, a gwada janye mai lamba 9 daga tarba a juyi na 4. Ta koma kusurwar baya ta dama dab da layin ƙarshe, mai gurbi na 2 ta ja baya ta tarba a gabanta, libero ta riƙe tsakiya. Na biyu, minti goma sha biyar a kowane tirenin a tsaya a juyi na 4 kaɗai, ana yi musu sabis 20, ana ƙirga nawa suka ƙwace. Burin mako mai zuwa: 10 cikin 20.

Ki tabbata abin da kika ba da shawara bai karya dokar tsayuwa ba. Lokacin da ake buga sabis, mai gurbi na 1 a ƙungiyar da ke tarba dole ta kasance a bayan mai gurbi na 2, kuma a daman mai gurbi na 6. In mai gurbi na 2 ta ja baya har ta wuce ta, alƙali zai busa, maki ya tafi ba a taɓa ƙwallo ba. Ɗan zanen fili da da'ira shida a gefen shawarar ya wadatar, kocin zai gane shi da kallo ɗaya.

Amma fa ki san yadda za ki miƙa. Mutumin nan ya shekara yana tsaye a bakin fili, kuma zai yiwu yana da dalilin ajiye yarinyar a wurin da takarda ba ta sani ba: wataƙila mai gurbi na 2 ta fi ta rauni a tarba, wataƙila da gangan yake gasa ta don baɗi. Lambobi suna nuna inda ake zubar da maki, tsara yara kuwa nasa ne. Don haka ki rubuta "a gwada", kada ki rubuta "dole". Kada kuma ki ba shi a gaban yara ko ana tsakiyar ɗaura raga. Ki same shi kafin tirenin na farko na mako, ki ɗora yatsa a kan baƙar sandar, ki ce: Malam, ga abin da ƙirge ya nuna, ko haka idonka ya gani? Sai ki yi shiru. Ina kyautata zaton zai ce ai ya daɗe yana jin wani abu ba daidai ba a wurin. Kafin ki tashi ki tambaye shi wane abu ɗaya yake so ki ƙirga masa mako mai zuwa, ki ba wannan abin gurbin zane na biyu idan ya nema. Takardar da amsar tambayarsa take ciki da wuya ya ninke ta bai duba ba.

Takardar mako mai zuwa kuma ta buɗe da sakamakon gwajin, ko an yi ko ba a yi ba, ko ya ci ko bai ci ba. In juyi na 4 ya tashi, ki duba ko ciwon bai koma kan mai gurbi na 2 ba, don masu sabis za su bi sabuwar mai tarba su gwada ta. In bai tashi ba alhali tarba ta gyaru, to matsalar ta matsa gaba: a wannan juyin seta tana layin gaba, masu duka biyu ne kawai a raga, masu tarewa sun san inda ƙwallo za ta. Wannan kuma wani ƙirgen ne, na wani makon.

Ita kuwa mai lamba 9, kada ki jira takarda. Ki neme ta gobe ke kaɗai, ki gaya mata jerin nan kuskurenki ne kuma kin yage shi. Ki nuna mata cewa sabis 17 cikin 30 ita aka nufa da su, a gurbin da ba aikinta ba ne, kuma ta mayar da 12 cikin wasa. Sannan ki buɗe mata shafinki na uku, inda ke da hannunki kika rubuta cewa a sabis 26 da ta yi cikin makon, biyu kacal ta zubar, babu wadda ta kai ta a ƙungiyar. Ki ce mata koci yana jiran ta a fili.